Mayar da fassarar Italiyanci zuwa Turanci: abin da take tonawa da abin da take binnewa

*"Malam, ina sana'ar fata a Kano. Wani kamfani a Italiya zai sayi fatun awaki a wurina, sun ce a kan kwangilar Italiyanci za a sa hannu. Na ba da ta Turanci an fassara, amma ni ko kalma ɗaya ba na ji. An ba ni shawara in sa wani ya sake mayar da ita Turanci in gwada da ta asali. Wannan ya isa in san fassarar ta yi daidai? Kuma wane irin bambanci zan nema?"*

Alhaji, shawarar da aka ba ka tana da kyau, ka bi ta. Amma ita kaɗai ba ta isa ba, kuma gara ka san inda idonta yake gani da inda ba ya gani kafin ka biya kuɗinta. Mu masu wannan aiki muna kiranta fassarar mayarwa. Ta yi suna ne a wajen masu binciken halayyar ɗan Adam, musamman bayan wata maƙala da Richard Brislin ya wallafa a 1970, domin su ma matsalarsu irin taka ce: suna da takardar tambayoyi da aka fassara zuwa harshen da ba sa ji, suna son su leƙa ciki. Har yau masu gwajin magunguna suna amfani da ita sosai. Abin da take yi shi ne ta buɗe maka taga ka ga abin da takardar Italiyancin take cewa. Ba ta gaya maka ko an faɗe shi yadda ɗan Italiya zai faɗa, kuma akwai kurakuran da suke tafiya su dawo ba tare da sun bar sawu ba.

Sharaɗin farko, wanda idan aka karya shi komai ya rushe, shi ne wanda zai mayar ya zama mutum dabam, kuma kada ya taɓa ganin kwangilarka ta Turanci. Idan ya gan ta, ko sau ɗaya, kalmominta za su maƙale masa a ka, ya riƙa dawo maka da su ba da niyya ba. Haka kuma kada ka bar wanda ya yi fassarar farko ya zaɓo maka shi, don abokin aiki ba ya son tona asirin abokinsa. Ka tura masa Italiyancin zalla. Na sha ganin an tura takarda mai gida biyu, Turanci a hagu, Italiyanci a dama, aka ce wa mutum wai ya rufe ido daga hagun. Wannan zubar da kuɗi ne.

Sai kuma abin da za ka gaya masa, domin wannan aiki ya saɓa wa abin da mai fassara ya saba. Ɗabi'arsa ita ce idan ya ga jimla ta karkace ya miƙar da ita, idan ya ga kuskure ya gane abin da ake nufi ya rubuta daidai. A nan wannan kirkin cutarwa ne. Ka ce masa ba kyakkyawan Turanci kake nema ba. Ya bi Italiyancin sau da ƙafa, kada ya gyara komai, duk inda kalma take ɗaukar ma'ana biyu ya rubuta duka biyun, duk inda ya ji Italiyancin yana wari a kunnensa ya yi alama a gefe. Waɗannan 'yan bayanai na gefe sau da yawa sun fi fassarar kanta daraja.

Bari in kawo maka wata kwangila irin taka da aka taɓa kawo mini in gwada, ita ma ta fatun awaki, ta kusan Yuro 40,000, zuwa wata majema a yankin Toskana. Na jera sakin layi da sakin layi, na asali da wanda aka mayar. Mafi yawansu sun dawo lafiya. Guda uku ne suka tsayar da ni.

Na farko maganar kuɗin duba kaya ce. Ta asali ta ce mai sayarwa zai biya masu dubawa kafin a yi lodi, mai saye kuma zai mayar masa da kuɗin daga baya. Kalmar da aka yi amfani da ita a Turancin ita ce *eventually*, wato ko ba jima ko ba daɗe abin zai faru. Da aka mayar, sai jimlar ta dawo tana cewa mai saye zai mayar da kuɗin "idan hali ya kama". Ban ko buɗe Italiyancin ba na san abin da zan tarar: *eventualmente*. Kalmomin biyu kamar tagwaye suke a ido, amma ta Italiyancin tana nufin wataƙila, ko idan buƙata ta taso. Alkawari ya koma ganin dama. Tsakanin Turanci da Italiyanci irin waɗannan tagwayen ƙarya suna da yawa, domin duka biyun sun sha daga Latin, kuma nan ne fassarar mayarwa ta fi nuna ƙarfinta, muddin mai mayarwar ya san Italiyanci da gaske.

Na biyu ya fi wannan laushi, amma ya fi shi haɗari. Inda ta asali ta wajabta wa mai saye ya biya ragowar kuɗi, wadda aka mayar ta ce "ya kamata ya biya". A Italiyancin an rubuta *dovrebbe*, alhali kwangilolinsu idan za su ɗora wajibi suna cewa *deve* ko *dovrà*, ko kuma *si impegna a*, wato ya ɗauki alkawarin yin kaza. Tushen kalmar ɗaya ne, ƙarshenta ne ya canza, kamar dai yadda a Hausa "dole ya biya" da "da ma ya biya" ba abu ɗaya ba ne a gaban alƙali. A cikin wannan jimlar ma akwai wani abu: kwana talatin ɗin da aka ba shi, a ta asali daga ranar da aka yi lodin kaya ake ƙirga su, a wadda aka mayar kuwa daga ranar da aka damƙa masa kayan. Mai fassara ya sa *consegna* inda ya kamata ya sa *spedizione*. Kai da kake aika kaya ta ruwa ka fi ni sanin makonnin da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu, da abin da suke nufi ga mutumin da jarinsa yake cikin kwantena.

Na uku ba kuskure ba ne kai tsaye, duhu ne. Ta asali ta ce fatun da aka ƙi karɓa za a dawo da su, kuma mai saye ne zai biya kuɗin jigila. Mai fassara, don gudun maimaita suna, ya taƙaita ya rubuta *a sue spese*, wato "da kuɗinsa". Kuɗin wa? Jimlar ta ambaci mutum biyu. Kalmar *suo* da danginta a Italiyanci ba sa bambance nasa da nata, har ma suna ɗaukar "naka" na girmamawa, kuma Italiyanci yana yawan barin mai aikin ba a ambace shi ba, sai dai a gane shi daga ƙarshen fi'ili. Sa'ar da aka yi ita ce mai mayarwar ya bi umarni, ya rubuta a gefe cewa ba a fayyace ko wane ne ba. Da ya yi abin da ya saba, da ya zaɓi wanda ya fi dacewa da hankali ya wuce, ni kuma in ga jimla ta dawo daidai.

Waɗannan su ne irin kifin da wannan koma take kamawa: jimlar da aka tsallake, sharaɗin da aka ƙara, "ba" ɗin da ta faɗi, wajibi da ya zama zaɓi, ranar da ƙirge yake farawa, da wanda nauyi ya hau kansa. Idan za ka gwada da kanka, a kowane sakin layi ka tambayi wa zai yi, me zai yi, yaushe, nawa, kuma dole ne ko ganin dama. Idan amsoshin sun zo ɗaya a takardun biyu, ka wuce ko da kalmomin sun bambanta.

Na faɗi haka ne don mutane da yawa suna ɓata lokacinsu a kan bambancin da ba komai ba ne. Ba za ta taɓa dawowa kalma da kalma ba. Za ka ga "kaya" ya dawo "haja", jimla biyu sun haɗe sun zama ɗaya doguwa, domin Italiyancin hukuma yana son doguwar jimla. Idan ma ta dawo daidai harafi da harafi, ka yi zargin an nuna wa mai mayarwar ta asali. Lambobi kuma suna tsorata mutane a banza. A Italiya ɗigo ne yake raba dubbai, waƙafi kuma yake raba ɓangaren lamba, kishiyar yadda muke yi. Ƙafa murabba'i 12,500 a wurinmu, a wurinsu `12.500` ce, kauri na milimita 0.8 kuma `0,8` ne. Idan mai mayarwa ya kwafe lambar yadda ya gan ta, za ka ɗauka an mayar da dubu goma sha biyu da ɗari biyar ta koma goma sha biyu da rabi, alhali fassarar ce ta yi daidai. Abin tsoro shi ne akasin haka: mai fassara ya bar lambobin yadda suke a Turanci, mai mayarwa ya kwafe su, ka ga sun yi daidai cif, ɗan Italiya kuma ya karanta wani abu dabam. Lambobi ba sa buƙatar jin harshe. Ka buɗe takardar Italiyancin da kanka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka sa a rubuta manyan kuɗaɗe da kalmomi a gefen lambar.

Sannan kada ka manta mai mayarwar shi ma mutum ne. Wani bambancin daga wurinsa yake, fassarar farko ba ta da laifi. Shi ya sa duk bambancin da ka gani tambaya ce za ka kai wa mai fassara, ba hukunci ba. Wanda ya ɗauki takardar mayarwa ya tafi da ita yana faɗa, yakan tilasta wa mai fassara ya lalata kyakkyawan Italiyanci don kawai ya dawo daidai da Turanci.

Yanzu ga inda na fi son ka tsaya, wato abin da wannan hanya ba ta gani. A cikin waccan kwangilar akwai kurakurai biyu da suka fi ukun nan girma, kuma dukansu sun dawo fes, babu ko tabo.

Ɗaya a kan sunan hajar ne kanta. Fatar da aka jeme, aka busar, amma ba a yi mata aikin ƙarshe na fenti da sheƙi ba, a Turancin 'yan fata *crust* ake ce mata. Mai fassara ya duba ƙamus ya ga kalmar da take daidai da ita ita ce *crosta*, ya rubuta. A maganar yau da kullum bai yi ƙarya ba, domin ɓawon burodi ma haka ake kiransa a harsunan biyu. Amma a bakin majeman Italiya *crosta* wata aba ce dabam: ita ce ɓarin ƙasa da yake saura idan aka tsaga fata mai kauri gida biyu aka cire fuskar, kuma darajarta ba ta kai ta fuskar ba. Fatar da kake nufi su ma da kalmar Turancin suke kiranta, su ce *in crust*. To mai mayarwa, wanda shi ma ba ɗan fata ba ne, ya ga *crosta*, ya buɗe irin wancan ƙamus, ya dawo da *crust*. Kuskuren ya fita ta ƙofa ya dawo ta ita. Takardu biyu sun yi daidai, kwangilar kuma tana ambaton hajar da ba ita ake sayarwa ba. Ka ƙaddara baƙon da bai san bambancin fata da ƙirgi ba ya rubuta maka rasit, wani baƙon irinsa kuma ya duba ya ce ya yi daidai.

Na biyun kuɗi ne tsagwaronsu. An yi yarjejeniya mai saye zai ba da kashi 30 cikin ɗari tun farko, wato Yuro 12,000. Turancin ya ce *deposit*, aka mayar ya dawo *deposit*. Sai dai Italiyanci yana da kalmomi biyu a nan, kuma dokarsu ta raba su. *Acconto* wani ɓangare ne na kuɗin kaya da aka biya tun da wuri, idan ciniki ya rushe a mayar da shi yadda yake, maganar diyya kuma a yi ta dabam. *Caparra confirmatoria* kuwa tana da sashe nata a kundin dokokin farar hula na Italiya, sashe na 1385. Idan wanda ya ba da ita ne ya saɓa alkawari, ɗayan yana iya janyewa daga cinikin ya riƙe kuɗin. Idan kuma wanda ya karɓa ne ya saɓa, wanda ya bayar yana iya janyewa ya nemi ninki biyu. Mai fassara *caparra confirmatoria* ya rubuta, wataƙila don ta fi kama da maganar lauyoyi. Kwangilar kuma ta ce dokar Italiya za a bi. Ma'ana, mai fatar da ya karɓi 12,000, idan ya kasa cika alkawarin kawo kaya, ana iya neman 24,000 a wurinsa, shi kuwa a ransa kafin alƙalami kawai ya karɓa. Ba na cewa kalmar ba ta da amfani ga mai sayarwa, domin tana kare shi idan mai saye ne ya gudu. Amma zaɓi ne da ya kamata shi da lauyansa su yi ido buɗe, ba mai fassara ya yi musu a ɓoye ba. Duk inda Italiyanci ya raba abin da Turanci ya haɗa, mayarwa tana sake haɗe su, bambancin ya nutse.

Akwai kuma wani abin da ya kan ba mutane mamaki idan na faɗa. Fassarar da ta bi Turanci kalma da kalma, wadda ɗan Italiya zai karanta ya yamutsa fuska, ita ce ta fi dawowa da tsabta, don ba ta taɓa barin ƙirar Turanci ba. Wadda gwani ya yi, ya sake gina jimlolin yadda lauyan Milano zai rubuta, ita ce take dawowa da bambance-bambance masu yawa. Idan da yawan daidaito kaɗai za ka yi hukunci, za ka sallami gwani ka riƙe ɗan koyo. Haka nan idan wasiƙar da ke tare da kwangilar ta kira shugaban kamfani da *tu*, wadda ake wa aboki da yaro, maimakon *Lei* ta girmamawa, Turanci zai dawo maka da kalma ɗaya ga duka biyun, ba za ka san an yi masa rashin ladabi da sunanka ba.

Su waye suka kama waɗancan kurakurai biyu, na sunan haja da na kuɗin gaba? Wata 'yar Italiya ce da ta saba da takardun majemu, da aka ajiye mata Turancin asali da Italiyancin gefe da gefe. *Crosta* ba ta ɗauke ta minti ɗaya ba. Wannan aiki shi ake kira bita, kuma shi ne ma'aunin ISO 17100 na 2015, wanda ya tsara yadda kamfanonin fassara za su yi aiki, ya wajabta: mutum na biyu ya gwada fassara da asalinta. Ma'aunin bai wajabta fassarar mayarwa ba. Da za a ce kuɗin abu ɗaya kawai kake da shi, bita zan ce ka biya. Amfanin mayarwa a wurinka shi ne kai da kanka za ka iya karantawa, ba sai an ce maka "ta yi" ka yarda ba.

Don haka ga yadda zan tsara maka. Mayar da kwangila gaba ɗaya kusan biyan kuɗin fassara sau biyu ne, kuma ba kowane shafi ne ya cancanci haka ba. Ka zaɓi inda kuɗi da nauyi suke: bayanin haja da darajarta, farashi da yadda za a biya, lokacin lodi da damƙawa, wa'adin da mai saye yake da shi na ƙorafi a kan aibi, tarar saɓa alkawari, da dokar da za a bi da kotun da za a je. Waɗannan a mayar. Ka sa a yi maka jadawali mai gida huɗu, na asali, na Italiyanci, wanda aka mayar, da gidan bayani. Duk layin da amsar tambayoyin nan na wa, me, yaushe, nawa, dole ko ganin dama ta bambanta, a tura wa mai fassara ya amsa a rubuce: ko ya gyara, ko ya bayyana dalilin da ya sa nasa ne daidai. Inda shi da mai mayarwa suka ƙi jituwa, mai bita ya raba gardama. Layin da aka gyara kuma a sake mayar da shi, domin gyara ma yana haifar da sabon kuskure, musamman idan an canza kalma a shafi na biyu aka manta tana shafi na bakwai.

Kalmomin sana'a kuwa kada ka bar su ga ƙamus ko ga mayarwa. Ka roƙi mai sayen ya turo maka tsohuwar takardar odarsa ko bayanin hajar da ya saba rubutawa da Italiyanci, ka ba mai fassara ya ɗauki sunayen daga can. Kalmar kuɗin gaba kuma ka tambaya kai tsaye wacce aka sa, *acconto* ko *caparra confirmatoria*, ka kai wa lauyan da ya san dokar Italiya.

Abu na ƙarshe da za ka nema kafin sa hannu shi ne sakin layin da yake faɗin wane harshe ne zai rinjaya idan takardun biyu suka saɓa. Ka nemi a sa hannu a kan duka biyun, a kuma rubuta cewa na Turanci ne abin dogaro. A Italiyancin za ka ga wani abu kamar *in caso di discrepanza prevale il testo inglese*. Ka duba kalmar ƙarshen da idonka. Idan *italiano* ka gani a wurin *inglese*, to takardar da ba ka iya karantawa ita ce za ta yi magana a kotu, kuma a wannan hali kowane shafi nata sai an mayar an kuma yi masa bita, ba zaɓaɓɓun wurare kaɗai ba.